Yadda Ake Lissafin Dabbobin da Filin Kiwo Zai Iya Ɗauka Har Ƙarshen Rani

Tambayar da za a fi yi muku idan kun fara aiki a fili ita ce, dabbobi nawa wannan wuri zai ɗauka? Mai tambayar lamba ɗaya yake so, wadda zai rubuta a takarda ya wuce. Kada ku yi saurin ba shi. Lambar da ba a faɗi watan da aka auna ta ba, da yawan kwanakin da ake so ciyawar ta kai, da irin dabbobin da za su ci, ba ta da amfani, wani lokaci ma cutarwa take yi. Wannan jagora zai bi lissafin daga farko zuwa ƙarshe a kan fili guda na misali, kuma zai tsaya a kan rani, domin a rani ne ake sanin ƙarfin fili. Da damina kusan kowane fili mai arziki ne.

Kafin komai, ku raba abu biyu a ranku. Akwai ƙarfin ɗaukar fili, wato yawan dabbobin da ciyawarsa za ta ciyar na wani lokaci ba tare da filin ya lalace ba. Akwai kuma yawan dabbobin da ke kan filin a yanzu. Na farko ruwan sama da ƙasa ne suke yanke shi, na biyu mutane ne. Duk aikinku shi ne ku auna na farko, ku ƙirga na biyu, ku ga tazarar da ke tsakaninsu.

Mataki na farko: wane fili, wane garke, waɗanne watanni

A gandun kiwo mai shinge wannan mataki ba ya cin lokaci, domin iyaka a bayyane take kuma dabbobin suna ciki duk shekara. A kiwon makiyaya abin ya bambanta. Wasu suna yawo da garkensu duk shekara, wasu suna da wurin damina da wurin rani da suke komawa kowace shekara, wasu kuma suna haɗa noma da kiwo, dabbobinsu su shiga gonaki su ci kara da harawa bayan girbi. Saboda haka filin da kuke aunawa yawanci zango ɗaya ne a cikin zagayen garken. Ku zauna da masu dabbobin ku tambaye su yaushe suke shigowa, yaushe suke fita, ina suke shayarwa, kuma waɗanne baƙin garkuna ne ke ratsawa ta burtali. Ɗalibin da ya ƙirga shanun da ya gani a rana ɗaya ya ninka da kwana 365 ya ɓata lissafinsa tun kafin ya yanki ciyawa ko ɗaya.

Filinmu na misali hekta 2,000 ne, garken yana zama a kansa tun daga ɗaukewar ruwa har saukar sabon ruwa, kwana 240. Muka cire hekta 200 na duwatsu, hanyoyi da gonaki, saura hekta 1,800. Wannan ma ba iri ɗaya ba ne, sai muka kasa shi uku: tudu mai jigawa hekta 1,300, kwari mai riƙe danshi hekta 300, da kewayen mashaya da aka tattake hekta 200. Kowane kashi za a auna shi daban. Idan kuka haɗa su, awon kwari zai ja lambar sama, ku ɗauka akwai ciyawar da babu ita.

Mataki na biyu: yankan ciyawa da aunawa

Lokacin awo shi ne ƙarshen damina, sa'ad da ciyawa ta gama girma ta fara fitar da iri, kafin dabbobi su ci da yawa. Abin da ke tsaye a fili a wannan lokaci shi ne rumbun rani gaba ɗaya, ba za a ƙara komai a kai ba sai wani ruwan.

Kayan aikin kaɗan ne: firam na ƙarfe ko katako mai mita 1 a kowane gefe, lauje ko almakashi, jakunkunan takarda, sikeli mai auna giram, da igiyar awo. Ku ja layi miƙaƙƙe a cikin kowane kashi na filin, ku riƙa ajiye firam ɗin bayan kowane taku 50, duk inda ya faɗa. A nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren ba na ganganci ba ne. Ido yana son kore, hannu kuma yana bin ido, sai mutum ya tsinci kansa yana matsar da firam daga fako zuwa inda ciyawa ta yi kauri. Idan taku na 50 ya faɗa a kan ƙasa tsirara, ku ajiye a nan ku rubuta sifili. Wannan sifilin yana daga cikin gaskiyar filin.

Ku yanke duk abin da ke cikin firam daf da ƙasa, sannan ku ware shi gida biyu, wanda dabba ke ci da wanda ba ta ci. Tafasa, garmani da tumfafiya suna da nauyi a sikeli, amma saniya ba za ta cika ciki da su ba, don haka ba sa shiga lissafin abinci. Ku auna su duk da haka ku rubuta a gefe, za su yi muku amfani nan gaba.

Firam nawa ya isa? Ku fara da 20 zuwa 30 a kowane kashi. Hanyar sanin ko ya isa ita ce ku riƙa fitar da matsakaici bayan kowane firam biyar. Muddin matsakaicin yana tsalle sama da ƙasa, ku ci gaba da yanka. Idan ya daina motsi sosai, ya isa.

Ɗanyar ciyawa tana ɗauke da ruwa, kuma ruwan yana canzawa daga safe zuwa rana, shi ya sa ake lissafi da busasshen nauyi kawai. Ku ɗebi wani ɓangare ku auna, ku sa a na'urar busarwa a kan digiri 60 zuwa 65 na tsawon awa 48, ko har nauyin ya daina raguwa. Idan babu na'ura, ku shanya a cikin jakar takarda a inda iska ke kaɗawa, ku riƙa aunawa kowace rana har nauyin ya tsaya, tare da sanin cewa busarwar iska tana barin ɗan danshi, wajen kashi 10 cikin 100. Kada a sa ciyawa a leda, rubewa take yi.

A tudunmu, matsakaicin ɗanyen nauyi giram 200 ne a kowane firam. Muka busar da giram 500 ya koma 300, wato kashi 60 cikin 100. Ke nan busasshen nauyi giram 120 ne a murabba'in mita. Mayar da shi zuwa hekta abu ne mai sauƙi:

```
g/m² × 10 = kg/ha
```

Tudu ya ba da kilo 1,200 a hekta, kwari kilo 2,500, kewayen mashaya kilo 400. Idan aka ninka kowanne da faɗinsa, tudu na da kilo 1,560,000, kwari 750,000, kewayen mashaya 80,000. Jimilla kilo 2,390,000.

Mataki na uku: nawa ne zai shiga bakin dabba

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma a nan hukuncinku ya fi aiki. Ciyawar da kuka auna ba duka dabba za ta ci ba. Wata kofato zai tattake ta, wata gara za ta ci, wata iska za ta kwashe bayan ganye ya bushe ya karye, wata kashi da fitsari za su ɓata ta. Sannan dole a bar wata a ƙasa da gangan. Ragowar ita ce ke rufe ƙasa daga iska da dukan ruwan farko, ita ke riƙe iri, kuma ga ciyawa mai daɗewa irin gamba, gindin da aka bari ne ke toho idan ruwa ya sauka.

Akwai tsohuwar ƙa'ida da ake koyarwa, cewa a ci rabi a bar rabi. Ɗalibai da yawa suna fahimtarta a karkace, su ninka ciyawar da kashi 50 su ba dabbobi. Rabin da aka ce a ɗauka ya haɗa da abin da aka tattake da wanda ƙwari suka ci, saboda haka abin da ke shiga ciki da gaske bai kai rabi ba. A filayen da ruwa ke da ƙaranci, inda ciyawar za ta tsaya watanni a bushe, ana amfani da kashi 25 zuwa 35 cikin 100 na abin da aka auna. Ni na fi karkata ga kashi 30 idan filin yana da lafiya, in sauka zuwa 25 idan ƙasar rairayi ce mai saurin zaizayewa ko filin ya riga ya gaji. Duk wanda kuka zaɓa, ku rubuta shi a rahotonku tare da dalili, domin canza wannan lamba daga 30 zuwa 50 kaɗai yana ƙara dabbobin da za a ce fili zai ɗauka da kashi biyu cikin uku, alhali ko ganye ɗaya bai ƙaru a ƙasa ba.

Da kashi 30, abincin da ke filinmu kilo 717,000 ne.

Mataki na huɗu: mayar da garke zuwa ma'auni ɗaya

Ba a haɗa saniya da akuya a ƙidaya ɗaya. A ƙasashe masu zafi ana amfani da ma'aunin da ake rubutawa TLU, wato dabba mai nauyin kilo 250. Ana ɗauka tana cin busasshiyar ciyawa daidai da kashi 2.5 cikin 100 na nauyinta a rana, kilo 6.25 ke nan. A lissafin da aka saba, raƙumi TLU 1 ne, saniya 0.7, jaki 0.5, tunkiya ko akuya 0.1. Ana ba saniya 0.7 ne domin garke ya ƙunshi maruƙa da ƙananan shanu tare da manya. Idan garken da ke gabanku manyan bijimai ne zalla, ko shanun tatsa masu yawan nono, ku ɗaga lambar.

Garkenmu shanu 600 ne, tumaki da awaki 900, jakuna 20. Shanu sun ba da 420, ƙananan dabbobi 90, jakuna 10, jimilla TLU 520.

Mataki na biyar: haɗa lissafin

TLU ɗaya na buƙatar kilo 6.25 sau kwana 240, wato kilo 1,500 a ranin gaba ɗaya.

```
717,000 ÷ 1,500 = 478 TLU
```

Filin zai ɗauki TLU 478, kusan hekta 3.8 ga kowanne, amma akwai 520 a kansa. Na fi son a juya lissafin zuwa kwanaki, domin shi ne yaren da mai dabba ke ji nan take. Garken yana cin kilo 3,250 a rana. Idan aka raba 717,000 da wannan, ciyawar za ta kai kwana 220. Saura kwana 20 babu abinci, kuma waɗannan kwanakin su ne na ƙarshen bazara, lokacin da dabbobi suka fi ramewa, shanu masu ciki suka fi buƙata.

Giɓin kilo 63,000 ne, kuma ana iya rufe shi ta hanyoyi da yawa. Ana iya fitar da shanu 60 tun farkon rani, ko dai a sayar ko a kai su wani fili. Ana iya kwashe rabin garken zuwa wani wuri na kimanin kwana 40. Ana iya tanadin kara da harawa daidai wannan nauyi tun da kaka. Amfanin lissafin shi ne ana yin sa tun da sauran lokaci, sa'ad da dabbobin ke da ƙiba kuma zaɓi yana da yawa. Wanda ya jira sai ciyawa ta ƙare, ramammiyar saniya zai kora, wata ma ba za ta iya tafiyar ba.

Abin da ke rushe lissafin: ruwa

Lambar 478 ta ɗauka cewa dabbobi za su iya kaiwa ko'ina a filin, kuma da rani ba haka abin yake ba. Dabba tana kiwo ne iya nisan da za ta iya zuwa ta dawo mashaya. Shanun da aka saki a gandu ba tare da mai kora ba, ba kasafai suke wuce kilomita 3 daga ruwa ba. Shanun makiyaya suna yin nisa fiye da haka sosai, musamman idan ana shayar da su rana ɗaya a tsallake ɗaya, amma tafiyar tana cin ƙarfinsu. Raƙuma sun fi kowa nisa. Saboda haka kada ku ɗauko iyakar nisa daga wani tsarin kiwo ku ɗora wa wani. Ku bi garken da ƙafarku kwana biyu ko uku ku ga inda yake juyowa.

A misalinmu, a ce tafkin da ke gefen gabas yana ƙafewa a watan farko na rani, hekta 400 na tudu suka fita daga inda shanu ke iya kaiwa. Abincin da aka rasa kilo 144,000 ne. Saura 573,000, wanda zai ɗauki TLU 382 kawai, kuma garken namu zai cinye shi cikin kwana 176. Giɓin kwana 20 ya koma na sama da wata biyu, alhali ciyawa tana tsaye a can gabas ba mai ci.

Amsar da ke saurin zuwa ita ce a haƙa rijiya a gabas, kuma wani lokaci ita ce daidai. Amma ku yi tunani sau biyu. Ruwan dindindin yana jawo garkuna daga nesa, yana sa su zauna duk shekara a wurin da a da yake samun hutu, kuma cikin 'yan shekaru za ku ga irin zoben tattakakkiyar ƙasa da ke kewaye da tsohuwar mashaya. Rijiyar da za a iya rufewa da damina a buɗe da rani, bisa yarjejeniya da masu kiwo, ta fi wadda ke buɗe kullum.

Gangare ma yana rage abin da ake kaiwa, domin shanu ba sa son hawan tudu mai tsayi, awaki kuwa ba ruwansu. Gobarar daji ita ma tana iya share lissafin a yini ɗaya, shi ya sa yanke hanyar kare wuta da kaka yake cikin aikin.

Nauyi daban, amfani daban

Sikeli ba ya faɗin ingancin ciyawa. Idan ta bushe a tsaye, furotin ɗinta yana sauka ƙwarai, sau da yawa zuwa ƙasa da kashi 5 cikin 100. Ƙananan halittun da ke cikin tumbin saniya, waɗanda ke narkar da ciyawa, suna buƙatar kimanin kashi 7 domin su yi aiki yadda ya kamata. Ƙasa da haka narkewa tana yin jinkiri, cikin ya daɗe a cike, saniya ta rage ci. Shi ya sa za ku ga shanu suna ramewa a tsakiyar ciyawa mai kai gwiwa. Alamar tana cikin kashinsu: maimakon ya baje a ƙasa, sai ya fito da tauri, ya taru tsibi mai layi-layi.

Abin da ke ceto a wannan lokaci shi ne ganye da 'ya'yan itatuwa, irin su gawo, waɗanda furotin ɗinsu ya ninka na busasshiyar ciyawa. Firam ɗinku bai auna su ba. Don haka idan garken yana da awaki da raƙuma da yawa, lissafin ciyawa kaɗai zai nuna filin ya fi talauci fiye da yadda yake. Ku ƙirga itatuwan da ake ci a kowane kashi na filin, ku rubuta su daban, ku lura da iya tsayin da bakin dabba ke kaiwa.

Shekara ɗaya ba ta isa ba

Duk abin da muka lissafa na shekara guda ne. Idan damina mai zuwa ta gaza, ciyawa ta ragu da rabi, 478 za ta koma 239 a kan fili ɗaya. Saboda haka ku nemi bayanan ruwan sama na shekara 20 ko fiye, ku fitar da matsakaici, ku kuma fitar da yadda shekarun ke kaucewa daga matsakaicin. Idan matsakaici milimita 400 ne, kaucewar kuma 140, rabo ya ba da kashi 35 cikin 100. Masana da dama suna ɗaukar wajen kashi 33 a matsayin iyaka. Sama da haka, ruwan sama ne ya fi juya yanayin ciyawa fiye da yawan dabbobi, kuma fari yakan rage garke kafin garken ya kai ga cinye filin. Aikin Ellis da Swift a yankin Turkana na Kenya, wanda aka buga a 1988, yana cikin waɗanda suka fito da wannan fahimta.

Ma'anarsa a aikace ita ce, a irin wannan fili lamba ɗaya tsayayya ba ta dace ba. Idan aka tsayar da ita a kan shekarar fari, za a bar ciyawa mai yawa ta lalace a shekarun albarka. Idan aka tsayar a kan matsakaici, dabbobi za su mutu a shekarar fari. Ƙaurar makiyaya amsa ce ga wannan matsala, suna bin ciyawa inda ruwa ya sauka, kuma duk shawarar da za ta rage dabbobi amma ta toshe burtali ta ƙara dagula al'amarin. Sai dai kada ku ɗauki wannan a matsayin cewa yawan dabbobi ba ya ɓata fili. A kwari, a kewayen ruwan dindindin, da duk inda ake kawo abinci daga waje har garke ya tsallake fari bai ragu ba, matsin kiwo yana lalata ƙasa sosai. Rahoto mai kyau yana ba da lamba uku, ta shekarar fari, ta matsakaiciya da ta mai albarka, kuma ana sabunta awon kowace kaka.

Yadda za ku gane lissafin ya kuskure

Ku kafa wurare na dindindin, ku sa musu alama, ku riƙa komawa kuna aunawa da ɗaukar hoto a wata ɗaya kowace shekara. A ƙarshen rani ku sake ajiye firam ku ga abin da ya rage. Idan ƙasa ta fito tsirara a yawancin firam ɗin, kashin da kuka ware wa dabbobi ya yi yawa, ko kuma akwai garkunan da ba ku ƙirga ba.

Nan ne nauyin tafasa da garmani da kuka rubuta a gefe zai yi amfani. Idan rabonsu yana ƙaruwa shekara bayan shekara, gindin gamba yana raguwa, ciyawa mai daɗewa tana ba da wuri ga mai fitowa shekara-shekara irin ƙarangiya, to filin yana sauka ko da jimillar nauyi ba ta canza ba. Ku duba ƙasar ma: ɓawo mai tauri da ruwa ke gudu a kansa, ƙananan kwazazzabai, da gindin ciyawa da ya tsaya a kan ɗan tudu saboda ƙasar da ke kewaye da shi ta tafi. Jikin dabba shi ne na ƙarshe wajen nuna alama, domin tozo yana iya zama a tsaye shekara biyu ko uku bayan filin ya fara lalacewa, dabbobin suna cin abin da ya kamata a bari. Idan kuka ga waɗannan alamu a wuraren da kuka sa wa alama shekara biyu a jere, kuma ruwan saman waɗannan shekaru bai gaza matsakaici ba, ku sauke kashin daga 30 zuwa 25, ku sake lissafin kwanakin, sannan ku zauna da masu dabbobin a kan wane ɓangare ne za a hutar da damina mai zuwa har ciyawarsa ta zubar da iri.